Taurari Ukun Baba Hedimasta

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Dutse na koma fassara a intanet, mahaifina bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya sa aka kira ni gida Aujara, ya saurari bayanina har na gaji don kaina, sannan ya ce ya ba ni daga nan zuwa kaka. In har aka shigo da amfanin gona wannan aiki na cikin waya bai riƙe gidana ba, in tattaro iyalina daga unguwar Takur ta Dutse in dawo in zauna a shagon takinmu tare da yayana. Ni kuwa da in zauna a shagon nan ina auna taki a kwano, yayana yana yi mini gyaran lissafi a gaban mutane, gara a ce mini in kwashe duwatsun Dutse da ka.

Dandalin da na shiga kasuwa ce sosai, rumfa kawai ta rasa. Mai aiki ya sa tallar aikinsa, mu kuma mu yi ta tura takardar nema, kowace nema da ɗan abin da take ci. In an ɗauke ka, kuɗin na zaune a hannun dandalin har ka gama. In an rufe aikin, kwastoma ya ba ka taurari daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta sharhi a kanka, sharhin nan kuma ya zauna a shafinka kowa na gani. Matsalata ita ce shafina fayau yake. Ba a ba marar sharhi aiki, kuma ba a samun sharhi sai an yi aiki. Na yi ta tura nema, shiru kake ji kamar an shuka dusa. Maiɗakina ta fara tambayata, cikin murya mai taushi da ta fi zagi ciwo, ko shagon Aujara yana da ɗaki a baya.

Ana nan sai aminin mahaifina ya neme ni. Tsohon hedimastan firamarenmu ne, da ya yi ritaya ya zama shugaban wata ƙungiyar manoman riɗi, duk garin kuma Baba Hedimasta ake ce masa. Masu sayen riɗinsu sun ba su wani ɗan littafi da Turanci kan yadda ake yanka da shanya da adanawa, yana so a mayar da shi Hausa a buga wa manoma. Aiki ne na gaske, kuma ƙungiya za ta biya. Nan wata dabara ta faɗo mini. Dandalin bai hana ka kawo kwastomanka daga waje ba, in dai aikin na gaskiya ne kuma ta nan za a biya. Na roƙe shi ya buɗe shafi ya ba ni aikin ta can, ko da dandalin zai yanki nasa kason. Ya ce in dai zai taimake ni, ba komai. Aka sha fama da katin banki kafin ya wuce, amma ya wuce.

Na yi aikin nan kamar zan gabatar da shi gaban alƙali. Shi kuwa Baba Hedimasta bai bar ni na huta ba. Yau ya bugo waya a sa hoton shugabannin ƙungiya a bango, gobe a cire saboda ma'aji ya fito yana hamma, jibi a mayar amma a yanke ma'ajin. Duk na yi ban ce uffan ba, don mutumin nan shi ya raɗa mini suna. Ana cikin haka taransfomar unguwarmu ta ƙone, na koma kai kwamfuta shagon mai caji. Duk da haka na miƙa aikin a kan lokaci.

A dandalin nan ba ka ganin abin da kwastoma ya rubuta sai kai ma ka rubuta naka a kansa, ko wa'adin ya cika. Na zauna na zuba masa taurari biyar, na ce kwastoma ne mai saurin amsawa da bayani dalla-dalla, Allah ya yafe mini. Ina dannawa nasa ya bayyana.

Taurari uku.

Na goge fuskar wayar da gefen riga, ko datti ne ya rufe sauran biyun. Babu datti. A ƙasa kuma ga sharhi, da Turancin nan nasu na da mai sitaci, dogo kamar takardar shaidar kammala makaranta. In na mayar da shi Hausa, ga abin da ya ce: na san wannan yaro tun yana cikin zanen goyo, ɗan gidan mutunci ne. Yana da haƙuri ƙwarai, na sa shi ya sake aikin sau da yawa bai taɓa ɗaga murya ba, bai kuma nemi ƙarin ko kwabo ba. Kuɗi bai dame shi ba, abin da aka ba shi shi yake karɓa ya yi godiya. Duk da cewa unguwarsu ba wuta kuma kwamfutarsa ta tsufa, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ina roƙon jama'a su taimaka masa don yana da iyali.

Na karanta wa maiɗakina, ina jiran ta taya ni baƙin ciki. Sai na ga idonta ya kawo ruwa.

"Allah sarki Baba," in ji ta. "Wallahi ko ranar neman aurena ba a yabe ka haka ba."

"Yabo? Wannan ai tallar jaki ce! Ga shi nan, yana ɗaukar kaya, ba ya harbi, ƙaiƙayi ma ya ishe shi."

"To ƙarya ya yi maka?"

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. A Aujara in dattijo ya faɗi waɗannan kalmomi a kanka, ka gama samun mata da bashi da wurin zama a gaban sahu. Haka ake yabon mutum a wurinmu: ba a cewa ya iya, sai a ce yana da haƙuri, ba shi da kwaɗayi, an san gidansu. Amma mutumin da ke zaune a wata ƙasa yana neman wanda zai fassara masa takarda kafin Litinin, abin da zai tsinta a ciki daban ne. Ba wuta. Kwamfuta tsohuwa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, wato aikin bai kai ba. Wanda ya rubuta ma ɗan gida ne, kuma ɗan gidan ma uku ya iya bayarwa. Tun da kuma sharhin nan shi kaɗai ne, shafina gaba ɗaya ya zama na mai taurari uku, alhali maƙwabtana a kasuwar duk biyar ne ko dab da biyar.

Na ɗauka shiru zan ci gaba da ji, ashe ana wata ga wata. Saƙonni suka fara shigowa, har maiɗakina ta fara guɗa a tsakar gida. Na farko wani ne mai littafi kamar bulo, ya ce ya karanta cewa kuɗi bai dame ni ba, shi ma haka yake, don haka za mu daidaita. Abin da ya taya ko kuɗin data bai kai ba. Wata ta ce ta yi farin ciki da ta sami mai haƙuri, don masu fassara uku sun gudu sun bar ta, alhali ita ba ta da wata matsala illa tana son a yi ta gyara har sai zuciyarta ta kwanta. Wani kuma ya ce in yi masa shafi goma na gwaji kyauta, zai taimaka mini da taurari tun da ina da iyali. Duk wani mai son banza da ke yawo a kasuwar nan ya shinshino ni. Aiki ɗaya mai kyau da na kusa samu, na wata ƙungiya mai koyar da kiwon kaji, matar ta rubuto cikin ladabi cewa samfurin aikina ya burge ta, amma aikinsu na gaggawa ne, ba za su iya dogara da wanda ba shi da tabbacin wuta ba. Alhali a lokacin an gyara taransfoma, har na haɗa ɗan sola.

Ranar na yi fushi na gaske. Dandalin yana ba ka dama ka mayar da amsa a ƙarƙashin sharhi, kowa ya gani. Na rubuta amsa mai zafi, na goge. Na rubuta mai sanyi, na ga ta fi mai zafin muni, don duk wanda ya ga mutum yana musu da wanda ya yabe shi zai ce ga mahaukaci. Kuma yaya zan yi in ƙaryata aminin ubana a gaban duniya? In ce ba ni da haƙuri? In ce ni ba ɗan mutunci ba ne?

Saura hanya ɗaya. Akwai wani wuri da in na danna, za a buɗe wa kwastoma ƙofa ya gyara sharhinsa, sau ɗaya tak, cikin 'yan kwanaki. Ba a yarda ka matsa masa ko ka saye shi ba, amma ba a hana ka yi masa bayani ba. Gero ya riga ya fara fitar da kai a lokacin, kaka na ƙaratowa. Na danna, na sayi goro da lemo, na hau mota zuwa Aujara.

Na tarar da shi a zaure da wasu manoma 'yan ƙungiya, ga kwalin littattafan da aka bugo a gefe ko buɗewa ba a yi ba. Na tsuguna muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi Dutse, ya tambayi taransfoma. Kafin in sami bakin magana ya juya ga manoman.

"Kun ga wannan? Na rubuta masa shaida da Turanci, yanzu haka Turawa na can suna karantawa."

Suka ce madalla, Allah ya saka. Ni ma na ce madalla. Na yi ta kewaye-kewaye, na yi maganar damina, na yi maganar tsadar taki, sannan na lallaɓo.

"Baba, dama game da taurarin nan ne. Na ga uku."

"Uku, ƙwarai. Uku cikin biyar nawa ke nan a ɗari? Sittin. Kai da ka yi koyarwa. Sittin ai kiredit ne. Shekarun da na yi ina riƙe da jan biro, yaran da na ba sittin a insha'i ba su cika aji ɗaya ba."

"Ranka ya daɗe, a can kowa biyar ake ba shi. In aka ga huɗu ma sai a fara tambaya ko lafiya."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Kowa biyar? To wace irin makaranta ce wannan da kowa ke zuwa na ɗaya?" Manoman suka yi dariya. "Kuma ni in ba ɗan aminina ɗari bisa ɗari a bainar jama'a? A ce na yi son kai? Ga bakin mutane, ka manta da shi? Na rage maka ne don in tsare ka."

Na ga in na biyo ta taurari za mu kwana a nan. Sai na ciro waya na ce ya ba ni izini in karanta masa irin alherin da shaidarsa ta jawo mini. Ya gyara zama yana murmushi. Na karanta masa na mai littafi kamar bulo, ina fassarawa saboda manoman. Murmushin ya ragu. Na karanta na matar da masu fassara uku suka gudu suka bari. Da na zo kan mai shafi goma kyauta, sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kai! Da maganata za su cuce ka? Ni na ce yaro yana da haƙuri don a girmama shi, su kuma sun ji an ce ga banza ta faɗi? Waɗannan ba su da iyaye ne?"

Wani dattijo cikin manoman ya ce, "Malam, ai ko a kasuwar Aujara in ka ce mai riɗin nan ba ya musu a kan farashi, ka gama da shi." Baba Hedimasta ya harare shi, amma bai musa ba.

"To me kake so in rubuta?"

"Ba ni zan faɗa miki... ba ni zan faɗa maka ba, Baba," na ce, har harshena na sarƙewa don tsoro. "Abin da ka gani za ka rubuta. Sai dai su can ba ni suke saye ba, aikin suke saye. In da hali a bar maganata, a yi maganar littafin. Ya yi ko bai yi ba."

Sai ya dubi kwalin da ke gefe, ya dubi rufin zaure, ya mayar da tabarau.

"Ai ban karanta ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Mutumin da ya hana ni sakat a kan hamman ma'aji!

"Bango na duba, don shi mutane za su fara gani. Amma cikin? Ɗan aminina ya yi mini aiki in zauna ina bin sa layi-layi kamar ina zarginsa? In ubanka ya ji fa? Ai yarda ce ta sa na ba ka."

Wato mutunci ne ya hana shi karantawa, mutunci ne ya sa ya rage taurari, mutunci ne ya sa ya roƙa mini sadaka a gaban duniya. Ban san lokacin da na ce, "Baba, don Allah ka zarge ni," ba.

Na yi nadamar wannan magana nan take, don sai na ga fuskarsa ta yi haske irin wanda na sani tun ina aji huɗu. Ya aika cikin gida a kawo masa jan biro. Aka farke kwali, aka miƙa masa littafi ɗaya, ya sa ni na buɗe na Turancin a waya na riƙe masa. Garin gyaran gira zan rasa ido, na ce a raina, ƙofa ɗaya ce na buɗe, in ya mayar da ni taurari biyu shi ke nan, sai auna taki.

Ya fara karantawa da ƙarfi, da muryar taron safe, manoman na saurare. Inda aka ce a yanki riɗi in ganye ya fara rawaya kafin kwanso ya tsage, suka gyaɗa kai. Inda aka ce a ɗaure dami a jingine shi tsaye, a kakkaɓe a kan tamfol ba a ƙasa ba don kada yashi ya shiga, ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa, "Ka ji ko? Da kai ake." Inda aka hana zuba riɗi a buhun da aka taɓa sa taki ko maganin ƙwari, gardama ta tashi a kan wanda ya yi haka bara, har sai da Baba ya buga sanda. Ni dai ina tsugune gumi na bin bayana, ina kallon jan biron nan yana shawagi a kan takarda. Sau biyu ya sauka. Ashe na tsallake layi guda a wajen maganar adanawa, kuma bayanin hotuna biyu ya sauya wuri, an rubuta rumbu a ƙarƙashin tamfol. Kowanne ya zagaye shi da da'ira, ya dube ni ta saman tabarau, yana jin daɗi ƙarara.

Da ma na zo da kwamfuta a jaka. Nan a zauren na gyara, na fitar da 'yar takardar gyara da za a buga a manna a cikin littattafan, na ce kuɗin bugun a wuyana. Ya ce a'a, rashin karantawarsa ne ya sa aka buga da kuskure, ƙungiya za ta biya, kuma in daina wannan halin na yafe kuɗi, shi ya jawo mini. Ban tuna masa wanda ya yi shelar halin ba.

Bayan la'asar ya karɓi wayarsa ya ce in koma can gefe, ba a leƙen mai ba da maki. Ya daɗe yana dannawa da yatsa ɗaya. Da ya gama ya karanta mana. Layi huɗu ne kacal: an fassara littafin noman riɗi daga Turanci zuwa Hausa, an miƙa a kan lokaci. Na karanta shi a gaban manoma, babu wanda ya tsayar da ni ya ce me ake nufi. Na sami kuskure biyu, ya gyara su a ranar. Zan sake ba shi aiki. Taurari huɗu ya ba ni, ya ce kuma kada in kuskura in buɗe baki, don ko ɗan cikinsa bai taɓa samun tamanin a hannunsa ba.

Na yi godiya. Amma ga mamakina sai na ji murnata ba ta cika ba. Zanen goyon nan, da gidan mutuncin, da haƙurin, duk sun tafi, kuma na san ba zai sake rubuta su ba. Makonni ina tsine wa kalmomin nan, yanzu da aka share su na ji kewarsu. Kamar ya gane, da ya rako ni bakin zaure ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Waɗancan na farko ban janye su ba. Daga kasuwa kawai na ɗauke su."

Taurari huɗu ba su sa kwastomomi sun yi layi a ƙofata ba. Amma masu son banza sun ɗauke ƙafa, kuma ba a jima ba wani mutum mai shirya darussan noma na rediyo ya rubuto. Ya ce ya ga masu taurari biyar da yawa, sharhinsu duk iri ɗaya, aiki ya yi kyau, na gode. Nawa ne kaɗai ya nuna an karanta aikin a gaban mutanen da aka yi dominsu, kuma maganar kuskure biyun ce ta sa ya yarda ba ɗan'uwana ne ya rubuta ba. Ban ce masa komai a kan wannan ba. Ya ba ni darasi ɗaya, sannan ya ba ni sauran, daga nan kuma wasu suka biyo.

Da kaka ta yi na je gida da kaina, ban jira an kira ni ba. Na sami mahaifina a ƙofar shago ana sauke buhuna, yayana na tsaye da biro a kunne. Na tsuguna na gaishe shi, na shirya bayanina tsaf. Bai ba ni dama ba.

"Hedimasta ya ce ya sami kuskure biyu a aikinka."

"E, Baba."

"To a riƙa kula."

Sai ya juya ga yayana ya ce ya nemi wani ya taya shi zaman shago, wannan ba zai samu zuwa ba, yana da aiki a Dutse.